Tafasa ce ko rai-ɗore? Yadda za ku ɗauki hoton tsiro a gane shi

Assalamu alaikum, 'yan kulob ɗin lambu. Malaminku ne. A makon jiya ɗaya daga cikinku ta turo mini hoton wani tsiro da ya fito a bayan ajinmu, tana tambaya ko tafasa ce. Na duba, na sake dubawa, abin da na gani fure ne rawaya shi kaɗai ya cika hoton. Furen ya fito da kyau, amma bai amsa tambayar ba, domin tafasa da rai-ɗore duk furensu rawaya ne, kuma 'yan gida ɗaya ne. Tafasa ana kwaɗonta, shi kuwa rai-ɗore 'ya'yansa suna cutar da dabbobi idan suka ci da yawa. Kun ga ba abin da za a yi wa kintace ba ne.

To ku biyo ni mu sake ɗaukar wannan tsiron tare.

Da farko ku ja da baya, taku biyu ko uku, ku ɗauki tsiron gaba ɗayansa tun daga ƙasa har sama. Ku kafa rula ko biro a gefensa, don mai dubawa ya san ko tsayinsa bai wuce idon sawu ba, ko kuwa ya kai ƙugu.

Yanzu ganye, kuma a nan nake so mu daɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsinko ɗan ganye guda a ɗora a tafin hannu. A tafasa wannan ɗan ganyen yanki ne kawai na babban ganye. Ku bi sandar da ƙananan ganyen suke jere a kanta har inda ta haɗu da kara, daga nan ne ganyen ya fara, kuma duka wannan ake so ya shiga hoto. Ku ƙirga tare da ni: ɗaya, biyu, uku. Biyu-biyu sau uku, ganye 6 ke nan, bakinsu a zagaye, sun fi faɗi ta wajen ƙarshe. Haka tafasa take. Rai-ɗore yakan yi biyu-biyu sau huɗu ko biyar, kuma bakin ganyensa da tsini kamar mashi.

Akwai wata 'yar alama da nake jin daɗin nuna wa ɗalibai. Ku matso da wayar sosai. Kun ga wannan ɗan ƙullutun da bai kai ƙwayar gero biyu ba, a tsakanin ganye biyun farko na ƙasa? A tafasa nan yake zama. A rai-ɗore kuwa yana can gindin sandar, dab da kara. Hoto ɗaya na wannan wurin ya fi hoton fure goma amfani. Daga nan ku juya ganyen ku ɗauki bayansa, don a ga jijiyoyi da gashi idan akwai.

Fure ku ɗauke shi ta gaba, ku ƙara ta gefe. Idan tsiron ya yi 'ya'ya, kada ku bar su. Kwanson tafasa siriri ne dogo, a lanƙwashe kamar lauje, na rai-ɗore kuma ya fi faɗi, a shafe yake.

Sai maganar haske. Ku zo da safe kafin rana ta take, ko da la'asar. Da tsakar rana ganye yana ƙyalli, jijiyoyinsa su ɓace. Kada kuma ku bari sai magariba, domin tafasa tana naɗe ganyenta idan duhu ya kawo. Idan waya ta ƙi kama ganyen, ta koma tana fito da ciyawar da ke bayansa, ku sa bangon littafi a baya, ku taɓa ganyen a fuskar wayar, ku jira ya fito sarai. Ku matsa da ƙafarku, kada ku jawo hoton da yatsu, jawowar tana dusashe shi. Kafin ku tashi, ku buɗe hoton ku ƙara girmansa. Idan ba ku iya ganin jijiyoyin ganyen ba, ni ma ba zan gani ba, ku sake.

Abin da hoto ba ya ɗauka sai ku rubuta a littafinku: ranar, wurin, ko bakin kwata ne ko tudu, da warin ganyen idan an murza shi. Rai-ɗore yana da wari mai ƙarfi. Amma duk tsiron da kuka ga yana fid da farin ruwa kamar nono, irin tumfafiya, kada ku murza, kada ku kai hannu ido. Kuma damina ce, ku fara kaɗa ciyawa da sanda kafin ku durƙusa.

Ranar Alhamis kowa ya zo mini da hotuna shida na tsiro ɗaya daga unguwarsu: tsiron duka, ganye ta gaba da ta baya, mahaɗar ganye da kara, fure, da 'ya'ya.