Yadda za ka nemi a matso da zama kusa ba tare da ka takura wa mutum ba

Kun yi da mutum za ku zauna ranar Alhamis, sai ga shi aikin da za ku zauna a kansa ba zai kai Alhamis ba. Dole a matso da zaman. To amma wa'adin nan a wuyanka yake, shi bai san da shi ba, kuma ya riga ya tsara makonsa. Ta yaya za ka roƙe shi har ya ji cewa in ya ce a'a ma ba laifi?

Bari mu ɗauki misali. Wani matashi yana da ƙaramin kamfanin kawo kayan ofis a Unguwar Rimi. Akantar da ke duba masa lissafi wata Hajiya ce, ta girme shi nesa, ofishinta na kan titin Ahmadu Bello. Sun tsayar da Alhamis ƙarfe 11 na safe za ta duba takardun neman kwangilarsa ta sa hannu. Ranar Litinin da safe sai ya samu labarin cewa za a rufe karɓar takardu ranar Laraba ƙarfe 12 na rana.

Kafin ya taɓa waya, sai ya fara da lissafi, daga ranar rufewa ya dawo baya. Laraba da safe ta kai takardu ce, ba ta zama ba. Yammacin Talata na gyara ne da bugawa da ɗinke takardu, kuma dole a bar sarari ko da wuta za ta ɗauke ko injin bugawa ya yi gardama. Ke nan zaman ba zai wuce Talata kafin azahar ba. Wannan lissafin ne ke gaya masa abin da zai roƙa. Wanda bai yi shi ba shi ne ke kira a ruɗe yana cewa a zauna yau-yau, alhali gobe da safe ma ta wadatar.

Sai tambaya ta biyu, wadda yawancin mutane ke tsallakewa: me yake bukata daga Hajiya kafin Laraba? Zaman Alhamis na awa guda ne, har da maganar haraji da lissafin shekara. Waɗannan duk za su iya jira. Abin gaggawar shafi uku ne na farashi, sai sa hannu da hatimi. Aikin minti 20. Neman minti 20 a ranar da mutum ya riga ya cika da aiki daban yake da neman awa guda, kuma mutum ya fi saurin amsawa idan ya ga ka rage masa nauyin tun kafin ka zo.

Kira ko saƙo? Ga wanda ya girme ka, musamman a garin nan, saƙo tsurarsa kan zama kamar umarni. Ni dai a ganina ya fi kyau a kira, a gaisa yadda ya kamata, sannan a bi da saƙo don ranar da lokacin su zauna a rubuce. Sai dai kira yana da nasa matsin: mutum na kan layi, kana jiran amsa, kunya ba za ta bar shi ya ƙi ba. Maganin wannan shi ne kai da kanka ka ce masa ba sai ya amsa yanzu ba.

Ga yadda matashin zai ce, bayan gaisuwa:

“Hajiya, ranki ya daɗe, alfarma nake nema. Zamanmu na Alhamis ne. Yau na samu labarin za a rufe karɓar takardun ranar Laraba ƙarfe 12. Ko zai yiwu mu matso da shi, yau bayan la'asar ko gobe Talata ƙarfe 10 na safe? Shafi uku ne kawai, ba zai wuce minti 20 ba, ni zan zo ofis. In kuma babu hali, wallahi ba komai, zan iya turo su ta WhatsApp ki duba lokacin da kika samu sarari, sai in aiko a karɓi sa hannun. Ki duba tukuna, ba sai yanzu ba.”

Ku lura, ya ambaci rana da ƙarfe. Da ya ce kawai “mu canza lokaci”, abin da zai fara zuwa ranta shi ne ɗage zaman yake so a yi. Ya kuma ba ta lokaci biyu. Ɗaya kaɗai ya yi kama da sammaci, biyar kuwa ya mayar mata da aikin zaɓe. Kuma ya faɗi dalilin sau ɗaya, da gaskiyarsa. Bai ce gobe za a rufe ba don ya tsorata ta. Mai ƙara wa wa'adi gishiri, ranar da aka gano shi, ba za a sake gaskata gaggawarsa ba.

Amma wurin da ya fi muhimmanci shi ne “in babu hali”. Kowa ya iya faɗin “ba komai”. Abin da ke sa a yarda da ita shi ne a ga wata hanyar a bayanta. Idan ka ce ba komai, alhali duk kun san in bai zo ba aikinka ya rushe, ba ka buɗe masa ƙofa ba, ka dai lulluɓe matsin da ladabi. Shi ya sa matashin ya tanadi hanyar turo takardu kafin ya kira. Haka nan kalamai irin su “ke kaɗai na dogara da ke” ko “in ba ki taimaka ba na shiga uku”, ko da gaskiya ne, ɗora wa mutum alhakin asararka ne. A bar su.

Yanzu sai sauraron amsa. In ta ce “to, ka zo goben ƙarfe 10”, magana ta ƙare. In kuwa ta ce “to, bari mu gani” ko “Allah ya kai mu” ba tare da ta kama wani lokaci ba, kada ka ɗauka ta amince. Sau da yawa wannan ƙi ne cikin mutunci. A nan ne mutane ke ɓata abin: kira uku cikin awa guda, ko a sa wani babba ya yi mata magana, ko mutum ya faɗo ofis ba sanarwa. Abin da ya dace shi ne tuni ɗaya, shi ma ta hanyar rage mata aiki. Zuwa yamma ya rubuta: “Hajiya, ga shafukan nan na turo don kada in cika ki da zirga-zirga. In safiyar gobe ba ta yiwu ba, ko gyaran kika faɗa mini ta waya ya isa.”

In ta amince, ya tura saƙon tabbatarwa da sabuwar rana da lokaci, ya kuma fayyace makomar Alhamis, an soke ta ne ko tana nan don sauran maganar haraji, don kada ta ci gaba da riƙe masa awa guda a banza. Ranar Talata ya fito da wuri, ya iso kafin ƙarfe 10 da shafukan a buge, an yi alama a wuraren sa hannu. Ya ce minti 20, to da sun cika ya tattara takardunsa ya yi godiya, sai fa in ita ce ta ce ya zauna.