Kafin a Ciwo Bashin Biki, a Yi Wannan Lissafin

Assalamu alaikum, 'yan uwa matasa. Sharrin bashin biki shi ne lokacin da ake fara biyansa: watan da amarya ta tare, wato watan da cefane ya hau kanka.

Mu ɗauki tela da ke samun naira 150,000 a wata. Ya tara kuɗin sadaki da hayar gida, sai aka ce dole a yi dina a ɗakin taro, a kuma ƙara akwati biyu a lefe. Ya ranto 600,000, zai riƙa biyan 60,000 duk wata har wata 10. Saura 90,000 ke nan. A ciki zai ciyar da gida, ya sayi gas, ya biya wuta, ya ajiye na hayar baɗi, ga Hajiya ma tana da haƙƙi. In amarya ta samu juna biyu da wuri, kafin ya gama biya suna ya taso, rago na jiransa. Nan ne za ka ga an fara cin sabon bashi don a toshe tsoho, ana fitar da atamfofin lefen ana kai wa dillaliya, ta saya ƙasa da yadda aka sayo su a Kantin Kwari. Wannan duk bashin da ba ruwa ke nan. Na manhajojin waya kuwa riba ce, haramun, kuma in ka makara wasunsu har mutanen da ke cikin wayarka suke tura wa saƙo.

Wani zai ce ai gudummawa da liƙi za su rufe. Gudummawa ita ma ramuwa ce, ranar bikin mai ita za ka mayar. Kuma ba wanda ya san nawa za ta kai sai an watse.

Abin da addini ya ɗora mana ba shi da nauyi. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya ɗaya. Dina, anko da yawan akwati, mu muka ɗora wa kanmu.

Don haka maganar a yi ta kafin sa rana. Ka tura kawunka ko gwaggonka su faɗa wa gidan yarinya iya ƙarfinka, a tsayar da adadin lefe tun ba a kai ga jin kunya ba. Ku ma ƙannenmu mata, ku sauƙaƙa wa Baba a kayan ɗaki, don iyaye da yawa gona ko fili suke sayarwa. Ka shiga adashi, ka nemi kwasarka ta faɗo kusa da biki, kana sayen turmi ɗai-ɗai kana ajiyewa.

In rancen ya zama dole, ya tsaya ga abin da zai zauna a gida, kamar haya ko katifa. A rubuta shi da shaidu yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta, a sa ranar biya, kuma kada ka sa hannu sai ka ga abin da zai rage maka duk wata zai riƙe tukunya.