Kumburin gefen farce: me ya sa ba ya jin kafso?

Ku ɗaga yatsarku, ku duba gindin farcen da kyau. Akwai wata 'yar siririyar fata da ta manne a jikinsa. Ita ce ta toshe ƙofar da ke tsakanin farce da naman yatsa, ba ta barin ruwa ko ƙwayar cuta su wuce. A kanta ciwon nan yake farawa. Likitoci na kiransa faronikiya.

Mu ɗauki misalin yarinya mai wanke-wanke a wurin mai sayar da abinci a Samaru. Tun safe hannunta na cikin bahon ruwan omo, ga soson ƙarfe tana dirzar gindin tukunya, in ta koma gida kuma wanki na jiran ta. Ruwa yana sa fatar nan ta yi laushi, omo yana wanke maiƙon da ke kare ta, soso kuma ya ƙarasa ta. Da ta ɗaye, sai wani ɗan aljihu ya buɗe tsakanin farce da nama. Ruwan sabulu da guntun abinci su riƙa shiga suna kwana a ciki. Gefen farcen ya kumbura, ya yi sulɓi, in an taɓa da zafi. Yawanci yatsa biyu ko uku yake kamawa, a hannun da aka fi aiki da shi. Bayan 'yan watanni farcen kansa ya fara fitowa da layi-layi a kwance, launinsa ya sauya. Idan abin ya wuce mako 6, ya zama irin mai daɗewa ke nan.

A nan ake yawan asarar kuɗi. Za ta je kemis, a ba ta kafso, ta shanye, abu na nan. Dalili kuwa, tushen wannan ciwo ƙonewar fata ce daga ruwa da sabulu. Gaskiya ne ƙwayar kandida, wata irin fumfuna, takan samu wurin ta zauna, amma damshi ne ya kira ta. Muddin ƙofar na buɗe kuma hannu na komawa ruwa, kumburin zai dawo.

To, me za ta yi, tunda ba za a ce ta bar aikin da take ci da shi ba? Safar hannu ta roba, mai kauri, wadda ta wuce wuyan hannu. Amma a kula, roba zalla tana tara gumi, gumi kuma damshi ne. Sai ta sa siririyar safar auduga a ciki, in ta jiƙe ta sauya. Ta tara wanke-wanken ta yi shi a zama ɗaya, maimakon tsoma hannu kowane lokaci. Bayan alwala ko wanke hannu, ta tsane gefen kowane farce da ƙyalle mai tsabta, ta shafa baselin ko man kaɗanya. Kuma, don Allah, in mai yankan farce ya zo, a ce masa ya yanke farce kawai, kada ya kankare fatar gindin. Ana ganin kamar tsabta ce, alhali kariyar ce ake cirewa.

Maganin da likita ya fi bayarwa man shafawa ne mai kwantar da kumburi, irin su betametason, na 'yan makonni, wani lokaci a haɗa da na kashe kandida. Sauran aikin na haƙuri ne. Farce yana tsiro kamar milimita 3 ne a wata, don haka kafin sabo mai santsi ya maye gurbin tsohon, sai an yi kusan wata 6. Alamar warkewa ita ce 'yar fatar nan ta sake mannewa.

Akwai irin da ba a jira da shi. Yatsa ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu ta kumbura, tana zugi har ta hana barci, irin wanda mutane ke cewa ɗan karkare. Wannan ƙwayar bakteriya ce, kuma man kwantar da kumburi ba nasa ba ne. Tun da wuri, a jiƙa yatsar a ruwan ɗumi minti 15, sau 3 ko 4 a rana. Idan mugunya ta taru, ma'aikacin lafiya ne zai fitar da ita. Kada a huda da allura a gida, kada a tsoma a kananzir ko fetur. In kumburin ya haura tafin yatsa, ko yatsar ta ƙi lanƙwasuwa, ko zazzaɓi ya zo, a tafi asibiti ranar. Mai ciwon suga kuwa kada ma ya jira waɗannan alamu. Wanda nasa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa duk da kiyaye ruwa, musamman a yatsa ɗaya tak, ya nemi a tura shi wajen likitan fata a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya.