Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta: ma'aunin tarbiyya na Baumrind a gidan Bahaushe

A ce wata unguwa ce a Garwa. Yaro ɗan shekara 8 ya tafi ƙwallo, bai shigo gida ba sai bayan magariba. Wata uwar za ta ce, "Daga yau ba ka ba ƙwallo, kar in ji bakinka." Wata ta kawar da kai, ta miƙa masa tuwonsa. Ta uku kuwa za ta zaunar da shi, ta ji abin da ya tsayar da shi, ta gaya masa dalilin dokar, sannan ta hana shi fita gobe.

Irin wannan rabon ne Diana Baumrind ta Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ta yi a 1966: tarbiyyar kama-karya, ta sakaci da doka, da ta tsare gida tare da jawo yaro a jiki. 'Ya'yan kashi na uku ne suka fi dogaro da kai a bincikenta. Amma ku lura, yawancin iyayen da ta duba fararen fata ne masu rufin asiri a Amurka.

To ta yaya ake auna jawo yaro a jiki? Galibi da takardar tambayoyi. Kina yabon ɗanki a gabansa? Kina rungumarsa? Kina barinsa ya yi musu da ke?

Yanzu ku kai wa uwar ɗan fari wannan takardar. Ko sunansa ba ta kira, balle ta yabe shi a bainar jama'a, saboda kunya. Duk amsoshinta "a'a" ne, sai a rubuta ta cikin 'yan kama-karya. Takardar ba ta ga lokacin da ta ɓoye masa tsokar nama a ƙarƙashin tuwo ba. Ba ta san da kaka mai ce masa "maigidana" tana tsokanarsa ba, ko goggon da yake rugawa wurinta in an yi masa faɗa. Lallashin yana nan a gidan, hannu da yawa ne suka raba shi.

Ruth Chao ta kawo irin wannan sukar a 1994: iyayen Sinawa a Amurka suna faɗawa layin kama-karya a ma'aunin, alhali 'ya'yansu na ƙoƙari a makaranta, don a wurinsu tsanantawa kulawa ce.

Sai dai kar mai dorina ya ce an wanke shi. A 2005 Jennifer Lansford da abokan aikinta sun duba duka a ƙasashe 6, har da Kenya. Inda aka saba da shi illarsa kan ragu, amma ko'ina yaran da aka fi duka sun fi yawan fargaba da faɗa da 'yan'uwansu yara.