Filatinam, farin gwal da faladiyam: fararen zobba uku, hali daban-daban

Ga zobba uku a kan faranti. Girmansu ɗaya, fasalinsu ɗaya, duk farare ne masu ƙyalli. Da ido kaɗai, ko wanda ya daɗe a harkar zai iya ruɗewa. Amma ku juya su, ku leƙa ciki. Na farko an buga masa PT950, wato filatinam ne. Na biyu 750, farin gwal ne mai karat 18. Na uku PD950, faladiyam ke nan.

Mu fara da launi, domin a nan ne ake yawan samun ƙorafi bayan an saya.

Ba a haƙo farin gwal daga ƙasa. Gwal launinsa ruwan ɗorawa ne, sai a narka shi da fararen ƙarafa irin su nikel, azurfa ko faladiyam don a kashe masa launi. Lambar nan 750 tana nufin kashi 75 cikin ɗari gwal ne, sauran 25 su ne gaurayen. To kashi 25 ba ya isa ya mai da shi fari fat, akan bar shi da ɗan ɗorawa-ɗorawa. Shi ya sa ake tsoma zoben a ruwan wani ƙarfe mai suna rodiyam, a yi amfani da lantarki a lulluɓe shi da shi. Hasken nan mai kama da madubi da kuke gani, na rodiyam ne. Kaurinsa kuwa bai kai ko kusa da na silin gashi ba.

Ga yadda yake kasancewa. Bayan shekara ɗaya ko biyu ana sa zoben kullum, sai ku duba ƙasansa, ɓangaren tafin hannu, inda yake gogar mariƙin ƙofa da sitiyari da makulli. Za ku ga wurin ya fara yin ɗorawa, alhali saman yana nan fari. Mutane da yawa a nan suke cewa an cuce su, an sayar musu da jabu. Ba jabu ba ne, rigar ce ta siɗe, kuma maƙeri zai iya sake tsoma shi. Sai dai kuɗi ne da za a riƙa biya lokaci-lokaci muddin ana son wancan hasken. Akwai kuma waɗanda fatarsu ba ta shiri da nikel. Idan rodiyam ɗin ya gushe, sai yatsa ya fara ƙaiƙayi da ja daidai inda zoben yake zama. Mai irin wannan fata ya tambayi mai sayarwa da me aka gauraya gwal ɗin kafin ya biya.

Filatinam da faladiyam ba su buƙatar riga. Farinsu na asali ne, mai ɗan toka-toka, kuma ko an yanka zoben biyu, abin da ke waje shi ne a ciki.

Yanzu mu ɗora su a sikeli. Farin gwal ya ba mu giram 6. Filatinam, wajen giram 8. Faladiyam kuwa bai cika giram 5 ba, kusan 4.7. Ku tuna, girmansu ɗaya. Filatinam ya ninka ruwa nauyi fiye da sau 21, faladiyam sau 12 kawai, gwal mai karat 18 kuma yana tsakani, wajen 15 zuwa 16. A siririn zobe ba a cika jin bambancin ba, amma a faffaɗan zobe yatsa zai sheda. Wani yana son ya ji nauyin abinsa a hannu, wani kuma ya fi son ya manta ma da shi.

Wannan nauyin shi ne mabuɗin farashi, don haka ku riƙe lambobin. A giram 6 na farin gwal, ainihin gwal giram 4.5 ne. A giram 8 na filatinam, tunda kashi 95 cikin ɗari zalla ne, akwai giram 7.6. Ke nan zobe iri ɗaya yana cin filatinam kusan ninki 1.7 na gwal ɗin da zai ci. A da, lokacin da giram ɗin filatinam ya fi na gwal tsada, tazarar kuɗin ba kaɗan ba ce. Amma tun wajen 2015 gwal ya shige gaba a kasuwar duniya. A 2024 oza ɗaya na gwal ya haura dala 2,000, filatinam kuma yana kai-komo a wajen dala 1,000. Ku lissafa: 4.5 sau biyu, 9 ke nan, ya wuce 7.6. Wato a wannan farashi, ƙarfen da ke cikin zoben gwal ya fi na filatinam kuɗi.

To me ya sa har yanzu akan tarar da zoben filatinam da tsada? Kuɗin aiki. Gwal yana narkewa a zafin digiri 1,064, filatinam sai an kai 1,768. Yana buƙatar wuta ta musamman da kayan aiki nasa na daban, kuma goge shi ya yi sheƙi yana cin lokaci.

Faladiyam shi ne mai hawa da sauka. An taɓa tallata shi a matsayin filatinam mai sauƙin kuɗi. Amma mafi yawansa masu ƙera motoci ke saye, don na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansar motocin fetur, kuma akasarinsa daga Rasha da Afirka ta Kudu yake fitowa. A 2019 ya zarce gwal, a Maris 2022 ya haura dala 3,000 kan kowace oza, daga baya ya faɗo zuwa wajen 1,000. A shekarun tsadar nan masu ƙera zobba da yawa suka daina aiki da shi. Ga shi kuma idan ya narke yana shan iskar gas, ya huce da ƙananan ramuka a ciki waɗanda ke raunana shi. Saboda haka ranar da yatsa ya ƙara kauri aka nemi wanda zai buɗa zoben, ba kowane maƙeri zai karɓa ba. A ganina wannan ce babbar matsalarsa, ba farashi ba.

Saura juriya. Ana yawan cewa filatinam ba ya karcewa. Yana karcewa sarai, sau da yawa ma kafin farin gwal, wanda ya fi shi tauri. Bambancin yana wajen inda ƙarfen yake tafiya. Ku ja farce a kan ɗanyen yumɓu: ya yi zane, amma yumɓun gefe ya matsa, bai bar wurin ba. Haka filatinam yake. A 'yan watanni ƙyallinsa zai disashe ya koma laushi-laushi, amma nauyinsa kusan yana nan, kuma gogewa tana dawo da sheƙin. Gwal kuwa a hankali yake zaizayewa, har bayan shekaru masu yawa ƙasan zoben ya sirance.

Inda wannan ya fi tasiri shi ne 'yan ƙananan faratan da ke riƙe dutse. Na filatinam idan sun bugu sukan lanƙwashe, a miƙe su. Na gwal kawunansu ne ke siɗewa har su yi lebur. Ku shafa zoben a jikin yadi mai laushi. Idan ya kama zare, wani farce ya ɗaga. Ku kai shi kusa da kunne, ku ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa. In kun ji dutsen yana motsi, ku cire zoben ku ajiye, kada ya sake hawa yatsa sai an kai shi gyara.