Saƙon "Ka Ci Caca" Daga Wanda Ba Ka Sani Ba: Amsar da Za Ka Bayar da Yadda Za Ka Kai Rahoto

Barkanmu da sake saduwa. Ga wani saƙo da za mu duba. Ya shigo ta WhatsApp da ƙarfe 9:12 na safe, daga lambar da ba ta cikin wayar mai karɓa. Yana cewa an zaɓi lambar wayarka a wata babbar caca, ka ci dala 500,000, sai ka turo cikakken sunanka da adireshinka da hoton katin shaidarka cikin awa 48, kuma kada ka faɗa wa kowa har kuɗin su shigo hannu.

Misali ne muka kawo, amma haka suke zuwa, ko ta tes ko ta imel. Tun kafin ka kai ƙarshen saƙon tambaya ɗaya ta isa: yaushe na sayi tikiti? Caca ta gaskiya daga kuɗin masu sayen tikiti take biyan wanda ya ci, saboda haka babu yadda za a yi wanda bai shiga ba ya ci. Wa'adin awa 48 an sa shi ne don kada ka zauna ka yi tunani. Cewa ka ɓoye maganar kuwa don kada wani na kusa da kai ya ji ya farkar da kai.

To, me za ka ce masa? Gaskiyar magana, shiru ya fi kowace amsa. Ɗan damfara ba kai kaɗai ya tura wa ba. Lambobi barkatai yake watsa wa saƙo iri ɗaya, bai ma san wace ce ke aiki ba. Ranar da ka amsa, ko da zagi ne, ka tabbatar masa cewa akwai mutum a bayan lambar kuma yana karanta saƙo. Irin wannan lamba ta fi daraja a wurinsu, shi ya sa mutum kan ga saƙonnin sun ƙaru bayan ya mayar da martani. Haka ma idan saƙon ya ce ka rubuta STOP don a daina turo maka. A wurin kamfani na gaskiya wannan na aiki, a wurin ɗan damfara kuwa amsa ce kamar kowace.

Amma sau da yawa mutum ya riga ya amsa. Ya rubuta "wane ne?" ko "ta yaya zan karɓa?", hira ta fara, ana ta kiransa. A nan ne gajeriyar amsa ke da amfani, don a rufe ƙofa. Ga ta:

"Ban shiga wata caca ba. Ba zan tura kuɗi ko bayanaina ba. Kada a sake tuntuɓa ta."

Jimla uku ke nan, kuma abin da babu a cikinta ya fi abin da ke ciki muhimmanci. Babu sunanka, babu gaisuwa. Babu tambaya, domin kowace tambaya dama ce ka ba shi ya ci gaba da magana, kuma amsoshinsa a shirye suke. Ka ce ya kawo hujja, cikin minti biyu zai turo maka takarda mai tambari da sa hannu, har da hoton akwatin kuɗi. Babu uzuri kuma. Mutane da yawa kunya kan sa su ce "ba ni da kuɗi yanzu", sai ya ce ba komai, ka kawo rabi. Uzuri ciniki yake buɗewa. Sannan babu barazana. Idan ka ce za ka kai shi wurin 'yan sanda, ka ba shi lokaci ya goge saƙonninsa daga ɓangarorin biyu kafin ka ɗauki hotonsu. A rubuce za ka tura gajeriyar amsar, sau ɗaya tak. Kada ka tura saƙon murya, kada ka ɗauki kira, kuma duk abin da ya biyo baya kada ka tanka.

Sai dai kafin ma ka tura wannan amsa, akwai aikin da ya riga ta, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ran mutum ya ɓaci, sai ya toshe lambar ya goge hirar, daga baya banki ko hukuma su tambaye shi shaida, ya rasa abin nunawa. Ka fara ɗaukar hoton allo. Hoton farko ya nuna saƙon tare da rana da lokaci. Na biyu, ka taɓa sunan mai turowar a sama don shafinsa ya buɗe, ka ɗauki cikakkiyar lambar tare da lambar ƙasa da ke farawa da alamar +. Sunan da ya sa wa kansa ba shaida ba ne, yana iya canza shi kowane lokaci, lambar ce ake bi. Idan ya turo lambar asusun da za ka biya, ka ɗauki wannan ma, da sunan mai asusun da sunan bankin. Idan akwai linki a saƙon, hotonsa kawai za ka ɗauka, kada ka buɗe shi don "ka gani". Takardar da ya maƙala ma ka bar ta a rufe.

Imel yana da nasa sirrin. Sunan da ke fitowa a sama kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. A Gmail na kwamfuta, ka danna ɗigo ukun da ke gefen saƙon, ka zaɓi Show original. Ka kwatanta layin From da layin Reply-To. Sau da yawa za ka ga saƙon ya fito da sunan wani babban kamfani, amma amsarka an karkatar da ita zuwa wani adireshin kyauta da ba shi da alaƙa da kamfanin. Ka ajiye wannan shafi gaba ɗaya, domin masu bincike sun fi buƙatarsa fiye da hoton saƙon.

Bayan shaida ta shiga hannu, sai rahoto a cikin manhajar. A WhatsApp, idan ka danna Report, saƙonni biyar na ƙarshe da ya turo maka suna zuwa wurin kamfanin, shi kuma ba a sanar da shi. A nan za ka zaɓi Block. A wasu nau'o'in manhajar hirar na iya ɓacewa bayan wannan mataki, wanda shi ne ƙarin dalilin fara ɗaukar hoto. A Gmail, Report phishing za ka zaɓa. Tes kuwa, a ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka da Kanada ana tura shi kyauta zuwa 7726, lambar da ke rubuta SPAM a madannan waya. A sauran wurare, ka kira layin kula da abokan hulɗa na kamfanin wayarka ka tambayi yadda suke karɓar irin wannan ƙorafi.

Yanzu mu koma misalinmu, mu ce abin ya wuce hira. Mutumin ya tura hoton katin shaidarsa. An ce ya biya dala 150 kuɗin buɗe fayil, ya biya. Washegari aka ce saura dala 400 na haraji, daga nan jikinsa ya ba shi. Da ya biya wannan ma, da wata takardar za ta taso mai nata kuɗin, domin ba a taɓa kaiwa ƙarshen layin. Wanda ya ci kyauta ta gaskiya ba ya tura wa wani mutum kuɗi kafin a ba shi ita.

Ga rahoton da zai rubuta, wanda zai iya kai wa bankinsa da 'yan sanda da hukumar yaƙi da damfara ta ƙasarsa ba tare da canza komai ba:

"Ranar 4 ga Maris da ƙarfe 9:12 na safe, na sami saƙon WhatsApp daga lamba kaza, yana cewa na ci dala 500,000 a caca. Ban san mai lambar ba, ban kuma shiga wata caca ba. Da ƙarfe 10:30 na tura masa hoton katin shaidata. Da ƙarfe 2:05 na rana na tura dala 150 daga asusuna zuwa asusu kaza, mai suna kaza, a banki kaza. Lambar shaidar turawar ita ce kaza. Ranar 5 ga Maris ya nemi ƙarin dala 400, ban tura ba. Ban ba shi lambar sirri ko lambar tabbatarwa ba. Na haɗa hotunan allo shida da rasit. Ina roƙon a dakatar da kuɗin, a kuma binciki asusun da ya karɓa."

Ku lura, babu dogon labari a ciki, babu zato kan ko wane ne shi ko a ina yake. Wanda zai karanta yana da rahotanni da yawa a gabansa, abin da yake nema shi ne lokaci, lamba, asusu da adadin kuɗi. Layin da ya fi wuyar rubutawa shi ne na abin da ka riga ka bayar. Kunya kan sa mutum ya ɓoye shi, alhali da shi za a san abin da za a rufe. Idan lambar katin banki ce, a toshe katin. Idan hoton katin shaida ne, a sa ido kan asusu ko bashin da za a iya buɗewa da sunanka. Idan kuma lambar nan ce mai alƙaluma shida da WhatsApp ke turowa ta tes, to asusunka na WhatsApp aka nufa. Ka sake yin rajista da lambar wayarka nan take, wannan zai fitar da ɗan damfarar daga ciki, sannan ka kunna Two-step verification, wato ƙarin lambar sirri da kai za ka zaɓa.

Banki ne na farko idan kuɗi sun fita, kuma a ranar, ba gobe ba. Asusun da ya karɓa yawanci na ɗan aike ne, ana kwashe abin da ya shiga cikin sa'o'i zuwa wasu asusun ko a cire shi tsaba. Ka kira lambar da ke bayan katinka, ba wadda aka turo maka a saƙo ba. Ka nemi lambar ƙorafi ka rubuta ta a ƙasan rahotonka tare da ranar da ka kira. Ba mu yi maka alkawarin kuɗin za su dawo ba. Idan ta katin kyauta ko kuɗin kirifto ko hanyar karɓar tsabar kuɗi aka biya, dawowarsu na da wuya ƙwarai. Duk da haka ka kai rahoton, domin ƙorafe-ƙorafe da suka taru kan asusu ɗaya su ne ke sa a rufe shi.

Bayan kwanaki ko makonni wani sabon saƙo na iya zuwa, daga wanda ya ce shi lauya ne ko jami'in bincike, ya san adadin da ka yi asara, zai kuma ƙwato maka idan ka biya ɗan kuɗin aiki. Ya san adadin ne domin ko dai su ɗin ne, ko kuma an sayar masa da bayananka. Kada ka amsa masa. Ka ɗauki hoton allo, ka ƙara layi ɗaya a rahotonka na farko da rana da lokaci da sabuwar lambar, ka miƙa shi ƙarƙashin lambar ƙorafin da aka ba ka.