Biyan Bashin Ƙaramin Banki Kafin Wa'adi: Wane Lissafi Za Ka Nema?

Hauwa: Barkanmu da warhaka daga Gombe. Yau muna tare da Malam Sani da Yakubu. Ga ɗan kasuwa a Tudun Hatsi, ya sayar da masararsa, kuɗi sun shigo, yana so ya sauke bashin ƙaramin banki tun wa'adi bai cika ba. Malam, ba sai ya kai kuɗin kawai ba?

Malam Sani: Nan ake yin kuskuren, Malama Hauwa. In ya zuba kuɗin a asusunsa ba takarda, sau da yawa zama za su yi, banki na cirar kason kowane wata kamar yadda aka tsara. Kuɗinsa na hannunsu, kuɗin ruwa kuma ko sisi bai ragu ba. Takarda ce farko, kuɗi su biyo baya.

Yakubu: Mu sa lamba a kai. A ce ya ci naira 600,000 na wata 12, ruwa kashi 4 cikin ɗari duk wata, kuma a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake lissafa shi, ba a kan abin da ya rage ba. Ruwan wata 24,000 ke nan, uwar kuɗi 50,000, yana biyan 74,000. Ya biya wata 5.

Hauwa: Saura wata 7. Wato 518,000.

Yakubu: Ita ce lambar da za a fara karanto masa a kanta, don ita ke kan allon kwamfuta. Amma a cikinta uwar kuɗi 350,000 ce kawai. Sauran 168,000 ruwan watannin da ba su zo ba ne, kuma a kansu ake rubuta takardar.

Malam Sani: Tsaya, Yakubu, kada ka sa masa rai da 350,000 tukuna. Akwai masu lissafin da ke ɗora ruwa mai nauyi a watannin farko, abin da ake kira ƙa'idar 78. Ka tara 1 zuwa 12, za ka sami 78. Watan farko ya ɗauki kaso 12, na biyu 11, haka har ƙasa. Wata 5 sun cinye kaso 50, saura 28. Jimillar ruwan 288,000 ne, don haka abin da za a yafe masa bai wuce 103,400 ba, ya biya kusan 414,600.

Hauwa: Ikon Allah! Bashi ɗaya, amsa uku. To wacce ce tasa?

Malam Sani: Wadda ke cikin takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Ya nemo sakin layin da ya yi maganar biya kafin lokaci. Wata ta ce za a yafe ruwan gaba amma akwai tara, wata ta ce sai an biya duka. In ta yi shiru, ƙofar ciniki a buɗe take. Abin haushin, yawancin mutane ranar karɓar kuɗi ko kwafinta ba sa nema.

Hauwa: Me zai rubuta?

Yakubu: Shafi ɗaya ya isa, zuwa ga manajan reshe. Suna, lambar asusu, ranar da aka ba shi bashin, adadinsa, da abin da ya biya zuwa yau. Sai ya ce yana son kammala biya a rana kaza. Ranar nan dole ce, don a kanta za a tsayar da lissafi. Sannan ya nemi a ba shi a rubuce, kowanne daban: ragowar uwar kuɗi, ruwan da ya taru zuwa ranar, tara in akwai, da hanyar da aka bi aka lissafa.

Malam Sani: Kada ya manta da ajiyar dolen da wasu ke riƙewa kafin su ba da bashi. In an riƙe masa 60,000, ya ce a cire ta daga abin da zai biya. Kuɗin fom da na inshora da aka cire tun farko kuwa, da wuya su dawo.

Hauwa: In jami'in bashi ya ce, Alhaji kawo kawai, zan gyara maka?

Malam Sani: Maganar baka ba ta shiga fayil. Ya yi kwafi biyu, a buga wa nasa hatimi da kwanan wata. In lambar da aka ba shi ta saɓa wa yarjejeniya, ya shigar da koke a rubuce a bankin; in wa'adin warware koke ya cika ba a warware ba, ya kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya.

Yakubu: Bayan ya biya kuma ya karɓi takardar shaidar ba a binsa komai, ya amso cekin da ya ajiye, a soke umarnin cirar kuɗi daga asusunsa. In ba haka ba, ƙarshen wata ya ji an sake zarar 74,000.

Hauwa: Wanda ya tsaya masa fa?

Yakubu: Shi ma a ba shi kwafin shaidar ya adana.